Ƙwayar da Ta Rage Nonon Mai Fushi

'Yata ta zo duniya saura wata biyu lokacinta ya cika. Aka sa ta a kwalba ta uku daga ƙofa, a ɗakin bakwaini da ke hawa na biyu na asibitin, ni kuma aka sallame ni bayan kwana huɗu da jaka a hannu, bayana babu goyo. Ma'aikatan jinya suka laƙaba mata Mai Fushi, saboda ko barci take yi goshinta a tamke yake. Gwaggona da ta leƙa ta gilashi ta ce ba sai an tambayi inda ta gado ba.

A gidan Gwaggo na sauka, don ya fi kusa da asibiti. Mijina yana aikin shimfiɗa hanya a can nesa, hutun mako ɗaya suka ba shi ya koma. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tela ce, kuma tun ina 'yar shekara goma take kirana Farfesa, ba don yabo ba. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Ban taɓa haɗiye ƙwaya ban karanta abin da ke cikinta ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa ina alfahari da hakan ba.

Ina da ciki wata shida ciwon maƙogwaro ya kama ni, irin wanda ko yawu ka haɗiye sai ka runtse ido. Gwaggo ta zo dubiya da jakar magungunanta ta zazzage a kan gado. Akwai ibufurofen da take sha don gwiwa, akwai asfirin, akwai ruwan kurkure baki mai aidin, da ragowar kafso na tetarasakilin da ita kanta ta manta dalilin sayensa. Na ɗauko takardar da ungozoma ta rubuta mini a wurin awo na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ibufurofen da danginsa irin su dikulofenak, idan ciki ya wuce rabi, suna iya rage ruwan da jariri ke kwance a ciki, su taɓa ƙodarsa da wata jijiya kusa da zuciyarsa. Asfirin sai dai ɗan ƙaramin da likita ke rubuta wa wasu masu ciki don wani dalili daban. Aidin yana ratsawa ya taɓa maƙoshin jariri. Tetarasakilin yana ɓata haƙoran da ba su ma fito ba. Har alawar tsotso sai da na mayar mata da wata, don an haɗa ta da ɗan'uwan ibufurofen.

Gwaggo ta tattara kayanta tana cewa ita ta haifi biyar ba ta karanta wa ko ɗaya takarda ba, ga su nan duk da haƙoransu, har suna cinye mata abinci. Ni kuwa na yi kwana shida da farasitamol, da kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi, da zuma a ruwan zafi da lemon tsami. Na koyar da aji uku da alli kawai, ba murya. Na warke, na kuma tabbatar kowa ya ji cewa na warke ba tare da jakar Gwaggo ba.

Duk da haka yarinyar ta zo da wuri. Likita ya ce ba a gano dalili ba, kuma ba abin da na yi ko na bari ne ya jawo ba. Na ji shi, amma na daɗe ina jin haushi kamar ɗalibar da ta amsa kowace tambaya daidai aka ce ta faɗi.

Mai Fushi ba ta iya tsotso ba tukuna. Ta wani siririn bututu da ke shiga hancinta ake ba ta nono. Aikina shi ne in tatsa duk bayan awa uku, in zuba a ƙananan kwalabe masu murfi, in rubuta rana da lokaci a jiki, in jera su a jakar sanyi tsakanin ƙanƙara. Da safe in hau mota, in sauka a bakin asibiti, in wuce mai gadi, in hau matakala ashirin da biyu. Babbar nas ta ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ita ke karɓa. Doguwa ce, ba ta yawan magana, tabaranta a rataye da igiya. Takan ɗaga kowace kwalba saitin ido ta duba layin awo kafin ta sa a firiji.

Bayan nan sai in wanke hannu har gwiwa, in sa riga mai ɗauri ta baya, a fito mini da Mai Fushi a kwantar a ƙirjina, fata da fata, na awa ɗaya. Nauyinta bai kai na littafin da nake koyarwa da shi ba. Sauran awa ashirin da uku na ranar, injuna ne ke ɗumama ta, hannun wasu ke juya ta, muryar wasu take ji. Nonon nan ne kaɗai nawa da ke kwana tare da ita. A mako na biyu ina samun mililita saba'in a tatsa ɗaya, wani lokaci tamanin. Ina rubuta lambar da manyan baƙi yadda Sista ba za ta buƙaci tabarau ba.

A rana ta goma sha shida na tashi da ƙaiƙayi a maƙogwaro. Kafin rana ta yi tsaka hancina ya fara zuba, muryata ta dushe. A jikin ƙofar ɗakin bakwaini akwai sanarwa da nake wucewa kullum: duk mai mura, tari ko zazzaɓi ya sanar da ma'aikata kafin ya shiga. Ni da nake koya wa yara yadda ƙwayar cuta ke yaɗuwa na san dalilin wannan sanarwa sarai. Amma da na tuna awa ɗayan nan, sai na ce a raina ƙura ce kawai ta hanya, in na tsayar da hancin ba wanda zai sani.

Akwai kantin magani a kwanar layin Gwaggo, tsakanin mai gyaran waya da mai wankin kaya. Mai kantin dattijo ne mai hankali. Na taɓa ganin ya hana wata mata maganin tari mai kodin saboda ya hango ƙafar jariri a bayanta. Na gaya masa ina son abin da zai kashe ciwon maƙogwaro ya kuma busar da hanci. Ya dubi cikina, wanda bai gama komawa ba, ya tambaya ko ina da juna biyu. Na ce a'a. Ya dubi bayana, bai ga goyo ba, bai ƙara tambaya ba.

Da na ce masa ina shayarwa, da sai ya tambayi ina jaririn, da sai na ce yana kwalba, da sai ya yi mini irin kallon da matan layin ke yi mini suna cewa sannu, Allah ya raya. Na gaji da wannan kallon. Na yi shiru.

Ya yanko mini kati ɗaya daga kwali, ƙwaya goma, irin maganin mura da ake haɗa abu biyu a ciki. Na juya bayan katin na karanta a tsaye, yadda na saba. Farasitamol, wannan na san shi. Sai sudo'efedirin, na buɗe hanci. Na bi jerin da ke kaina: ba ibufurofen, ba asfirin, ba kodin, ba aidin. Sunan na biyun ba ya cikin takardar ungozoma, don ban yi mura da ciki ba balle mu yi maganarsa. Takardar bayani tana cikin kwali, kwalin kuma yana hannun mai kanti. Ban nema ba.

Maganin ya yi aikinsa. Washegari hancina a bushe, na sa takunkumi na ce wa Sista saboda hayaƙin mota ne. Aka ɗora mini Mai Fushi. Na riƙe tari a ƙirji tsawon awa ɗaya har idona ya kawo ruwa, ina shaƙar numfashi a hankali, ina kawar da fuska. A ranar ban yi mata ko kalma ɗaya ba, don kada a ji muryata.

Da yamma na tatsa na samu hamsin da biyar. Na ce gajiya ce. Washegari da safe arba'in. Na ƙara matsawa har fatar ta yi ja, na sa tsumma mai ɗumi, na buɗe hotonta a waya na zuba mata ido kamar yadda aka koya mana. Talatin da biyar. Gwaggo tana kan keken ɗinkinta a falo tana kallona ta ƙofa. Ta ce ko dai in ƙara shan ruwa, ko in rage tunani, ko in kira mijina in yi masa faɗa, wai ita a zamaninta faɗa da miji yana saukar da komai. Ta kawo mini shayi a babban kofi. Da ta ga yadda nake haɗiya da ƙyar, sai ta ɗauko ibufurofen ɗinta ta ajiye kusa da kofin.

Na ture shi. Na ce mata ai mun gama wannan magana tun ina da ciki.

"To, Farfesa," in ji ta, ta mayar da shi aljihu. "Ni dai gwiwata ba ta taɓa kai ƙarata ba."

Mijina ya kira a lokacin hutunsu na rana, ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa. Ya ce muryata ta canza. Na ce layin ne. Ya tambaya ko yarinyar ta buɗe ido, ko ta ƙara nauyi, ko har yanzu tana kama da shi. Na ce ba ta taɓa kama da shi ba. Ya yi dariya, ni kuma na so in ce masa ya ajiye komai ya taho, amma na ce ya kula da rana.

A rana ta uku da fara shan maganin na hau matakalar da kwalabe takwas, ba wadda ta kai rabi. Sista ta ɗaga ta farko, ta ɗaga ta biyu, ta sa tabarau ta sake ɗagawa. Ta ce likita ya ƙara wa yarinyar abin da take sha tun jiya, kuma abin da na kawo ba zai kai ta gobe da safe ba. Abin da ya rage a firiji ya kusa ƙarewa. Idan bai isa ba za su cika da madarar da ake yi don bakwaini. Ta faɗe shi ba tare da zargi ba, kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

Na ce ba za a ba 'yata madarar gwangwani ba ina raye. A ƙarshen maganar muryata ta karye, tarin da na riƙe kwana uku ya ƙwace.

Sista ta jira na gama tarin. Ta jawo ƙofar ɗakin ta rufe a bayanta, muka tsaya a baranda.

"Tun yaushe?"

"Kwana uku. Huɗu da yau."

"Kin shiga jiya. Kin shiga shekaranjiya."

"Da takunkumi."

"Akwai yara tara a ɗakin nan, Malama. Ba taki kaɗai ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ta tambaya me nake sha. Na ciro katin daga jaka, saura ƙwaya biyu. Har a lokacin sai da na ce mata na duba, babu ko ɗaya daga cikin waɗanda aka hana. Ta karanta bayansa, ta miƙo mini, ta ce in sauka ƙasa likita ya duba ni, daga nan in wuce wurin mai harhaɗa magunguna in nuna mata wannan. Ta ce yau ba zan shiga ba.

Likitan ya haska maƙogwarona, ya taɓa wuyana, ya auna zafin jikina. Ya ce da ɗan zazzaɓi kaɗan, amma babu farin ruɓa a cikin maƙogwaron, ga hanci na zuba ga tari, wannan mura ce, ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da irin ciwon da ke buƙata ne, da ya rubuta fenisilin ko amoksilin, kuma duka biyun ba sa hana shayarwa. Ya ce in dawo idan zazzaɓin ya yi tsanani, ko na kasa haɗiyar ruwa, ko ciwon ya wuce mako. Ya ce kada in daina tatsa ko sau ɗaya, don mura ba ta bin nono, abin da ke bin sa shi ne kariyar da jikina ke haɗawa.

Mai harhaɗa magungunan mace ce da ba ta girme ni sosai ba, tana bayan taga mai ƙaramar kafa. Ta dubi katin ta ce wannan na biyun yana matse jijiyoyin hanci ya busar da shi, kuma an san yana rage nono, wani lokaci tun daga ƙwayar farko. Ta ce rashin lafiyar da damuwa su ma sun taimaka, ba za ta ɗora wa ƙwayar duka laifin ba, amma ita ce abin da za a iya cirewa yau. Ta tambaya ko ina shan farasitamol daban a kan wannan. Na ce sau biyu na ƙara. Ta ce wannan ma kuskure ne da ake yawan yi da magungunan haɗi, mutum ya sha abu ɗaya sau biyu bai sani ba. Muka lissafa tare, ban haura ƙa'idar yini ba.

Na gaya mata jerin da nake bi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce jerin daidai ne, amma na mai ciki ne, ni kuma yanzu mai shayarwa ce. Wasu suna nan a duka biyun: aidin na kurkure baki, asfirin na ciwo, da kodin, wanda ke iya sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni. Wasu kuma sun sauya wuri. Ibufurofen ɗan kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, mai shayarwa tana iya sha bayan ta ci abinci, in ba ta da gyambon ciki ko wata matsala da ke hana shi. Amma tunda tawa bakwaini ce, ta ɗaga waya ta tambayi likitan yara da ke sama kafin ta ba ni. Ya amince. Don hanci kuma ta ba ni ruwan gishiri na ɗigawa.

Na tsaya da ledar a hannu. Na tambaye ta ko nonon zai dawo.

"Yawanci yana dawowa in an daina da wuri," in ji ta. "Ki tatsa sau takwas ko fiye, ko da ɗigo ne ke fita. Ba zan ce miki gobe ba."

Da na koma gida na ajiye ledar a kan teburin ɗinki. Gwaggo ta ciro kwalin ibufurofen ɗin, ta nisanta shi da idonta, ta gane kalarsa. Na jira. Na ba ta dama ta faɗi duk abin da take so, don ta ci wannan. Ta juya kwalin sau biyu, ta ce nata ya fi wannan kyan kwali. Daga nan ta tashi ta dafa ruwa ta zuba gishiri, ta tsaya a kaina a bakin famfo har na kurkure sau uku.

An ba Mai Fushi madarar a daren nan da kuma kwanakin da suka biyo baya, rabi nawa rabi nasu. Ban mutu ba, ita ma ta karɓa lafiya, har ta ƙara giram talatin. Wannan ya faranta mini rai, ya kuma yi mini ciwo, ban san yadda zan raba su ba.

Sista ta ce ba zan shiga ba sai zazzaɓin ya yi kwana ɗaya cur da sauka ba tare da magani ba, tarin kuma ya lafa. Suna kuma lura da yarinyar, da na kusa da ita, ko wani zai nuna alama. Wannan jiran ya fi komai tsawo. Kullum ina zuwa da jakar sanyi, in miƙa ta a bakin ƙofa, in koma jikin gilashin baranda. Daga nan kwalba ta uku ba ta ganuwa duka, sai ƙafafu. Na haddace ƙafafun nan. Ta dama ta fi motsi, akwai ƙaramar fitila ja a naɗe da ita. Ina kallo wata ƙaramar nas ta zura hannu ta kafar kwalbar ta gyara mata kwanciya, ta shafa bayanta da yatsa biyu, ta yi mata magana. Na ji kishin yarinyar nan kamar in fasa gilashin, alhali alheri take yi mini. Uwar jaririn kwalba ta biyar ta fito ta same ni a tsaye, ta tambaya lafiya ba na shiga. Na gaya mata gaskiya, har da kwana biyun da na shiga da mura. Ta dube ni ta wuce, kuma ban ga laifinta ba.

Lambobin suka tsaya a talatin da biyar kwana biyu. Sai arba'in. Sai arba'in da biyar, sai kuma arba'in, na zauna a bakin gado na kifa kai. Gwaggo ta daina ɗinki a lokutan tatsa, wai ƙarar keken tana tsorata nono. Ban yi mata gardama ba. A rana ta biyar na samu hamsin da biyar da safe, na rubuta shi da ƙananan baƙi.

Ba yaron da ya kamu. Sista ce ta faɗa mini da kanta a rana ta shida, tana duba kwalaben. Ta ce abin da na kawo zai kusa isa, a yau sau ɗaya kawai za su cika da madara. Ta auna zafin jikina, ta sa na yi magana ta ji muryar, ta miƙo mini sabon takunkumi ta ce ba zan cire shi ba ko na daƙiƙa ɗaya, kuma rabin awa ne, ba awa ba.

Na wanke hannu har gwiwa, aka ɗaure mini rigar. Ƙaramar nas ɗin nan ce ta fito da Mai Fushi, tana tattare wayoyin da hannu ɗaya, ta kwantar mini da ita a ƙirji. Ta yi nauyi kaɗan, na ji bambancin. Ta yi ta mutsu-mutsu tana goga fuska a fatata, bakinta a buɗe, tana neman abin da ba ta iya kamawa ba tukuna. Na sunkuyar da kai don in shaƙi ƙamshin kanta, ban ji komai ba sai warin sabon takunkumi. Na bar leɓena a bayan ƙyallen, saitin gashinta, na tambayi nas ɗin ƙarfe nawa ne. Ta ce saura minti ashirin da shida.